Kwafi na biyu na rumbun bayanai: a juye a mayar, ko a bar saba ta biyu tana bin sawu?

Mu ɗauki wani kamfanin sarin magunguna, mai rassa uku da ofishi ɗaya. Dukan cinikinsa, da lissafin bashi, da na kayan da ke sito, suna cikin rumbun bayanai guda na PostgreSQL 16, girmansa gigabait 40, a kan saba ɗaya tal da ke bayan ofishin akanta. Mai kamfani ya sayo saba ta biyu, ya ajiye ta a wani reshe, ya kira mai kula da na'urori ya ce masa: «Malam, ina son in wannan ta mutu, waccan ta tashi.»

Hanyoyi biyu ne a gaban mai kula da na'urorin, kuma duk biyun kyauta suke zuwa tare da PostgreSQL. Ta farko, kowane dare ya juye rumbun cikin fayil da `pg_dump`, ya tura fayil ɗin can, ya mayar da shi da `pg_restore`. Ta biyu, ya haɗa sabobin biyu ta yadda duk canjin da aka yi a ta farko zai isa ta biyu cikin ƙiftawar ido. Wannan shi ne abin da ma'aikatan fannin ke kira riflikeshan, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa bin sawu.

Kafin ya taɓa madannai, akwai tambayar da ya kamata ya mayar wa mai kamfani: mutuwa wace iri? Rumbun bayanai yana lalacewa ta hanyoyi biyu da ba su yi kama da juna ba. Akwai ranar da faifai zai ƙone ko ruwa ya shiga ɗakin saba, bayanan suna daidai amma na'urar ta tafi. Akwai kuma ranar da na'urar lafiyarta lau, amma wani ya goge ko ya ɓata abin da ke ciki. Bin sawu maganin ta farko ne. Juyewa maganin ta biyu ce. Yawancin waɗanda suka yi kuka a wannan harka sun sayi magani ɗaya ne suna zaton na ciwo biyu ne.

Yadda juyewa take aiki

`pg_dump` yana shiga rumbun ne kamar kowace manhaja, ya karanta kowane tebur daga farko har ƙarshe, ya rubuta umarnin da za su sake gina shi a wani wuri. Abin da yake ɗauka hoton rumbun ne a daƙiƙar da ya fara. In ya fara ƙarfe 1:00 na dare ya gama 1:25, cinikin da aka shigar 1:10 ba ya ciki, amma kuma ba za a sami rabin ciniki ba, wato rasit ba tare da kayan da ke kansa ba. Ba ya hana kowa karatu ko rubutu yayin da yake aiki. Abin da yake tarewa shi ne sauya fasalin tebur: in wani ya aika `ALTER TABLE` a lokacin, zai tsaya jira, duk masu neman wannan teburin kuma su yi layi a bayansa. Shi ya sa ba a haɗa daren sabunta manhaja da lokacin juyewa.

```
pg_dump -Fc -d kanti -f /ajiya/kanti.tmp && mv /ajiya/kanti.tmp /ajiya/kanti-$(date +%F).dump
pg_dumpall --globals-only -f /ajiya/roles.sql
```

Layin farko yana rubutawa ne a fayil na wucin gadi, sai in an gama lafiya ya ba shi sunansa na gaskiya, don kada rabin fayil ya zauna a ajiya da kamannin cikakke. Layi na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa. `pg_dump` rumbu ɗaya yake ɗauka, ba ya ɗaukar sunayen masu shiga da kalmomin sirrinsu, domin su na sabar ne gaba ɗaya. Ranar mayarwa sai ka ga kuskure yana zubowa cewa babu mai wannan suna.

A saba ta biyu kuwa, bayan an shigar da `roles.sql` da `psql`:

```
createdb kanti_sabo
pg_restore -j 4 --exit-on-error -d kanti_sabo /ajiya/kanti-2024-03-11.dump
vacuumdb --analyze-only -d kanti_sabo
```

Ana mayarwa ne cikin sabon rumbu, sai ya kammala sannan a sauya masa suna ya maye gurbin na jiya. Wanda ya fara goge na jiya kafin ya tabbatar da na yau, in wuta ta ɗauke a tsakiya, zai kwana ba shi da ko ɗaya. Shi `--exit-on-error` ana sa shi ne saboda ɗabi'ar `pg_restore` ita ce in ya ci karo da kuskure ya tsallake ya ci gaba, sai a ƙarshe ya faɗi adadinsu, kuma ba mai karanta wannan da ƙarfe uku na dare. Layi na uku yana sa rumbun ya ƙidaya abin da ke cikin teburorinsa. In an bar shi, rahoton da ke fitowa cikin daƙiƙa biyu zai iya cin minti goma, domin rumbun bai san wane tebur ne babba ba.

Yanzu mu sa wa misalinmu lokaci. A ce juyewar ta ci minti 25, fayil ɗin da aka matse ya fito gigabait 6. Ya yi ƙanƙanta haka ne domin fihirisar teburori ba ta shiga fayil, umarnin gina ta kawai ake rubutawa. Layin intanet da ke tsakanin ofis da reshe megabit 10 ne a daƙiƙa: gigabait 6 megabit 48,000 ke nan, wato daƙiƙa 4,800, awa ɗaya da minti 20. Mayarwa ta fi juyewa jinkiri kullum, domin a nan ne ake sake gina dukan fihirisa a kuma binciki alaƙar teburori. A ce ta ci awa ɗaya da rabi. An fara 1:00, an gama 4:15, kafin kiran sallar asuba. Ya yi daidai.

Amma dubi abin da ke cikin kwafin: rumbu ne kamar yadda yake ƙarfe 1:00 na dare. In faifan sabar farko ya mutu ƙarfe 5:00 na yamma, cinikin ranar gaba ɗaya, daga 8:00 na safe, ya tafi. Awa tara na rasit, a rassa uku. Sai dai a bi takardu a sake shigarwa, in akwai takardun. Ga kuma wani abu: wannan lissafi yana girma tare da rumbun. Ranar da ya kai gigabait 200, daren ba zai isa ba, kuma ko layi goma kawai suka canja a rana, `pg_dump` sai ya sake karanta komai. Bai san ɗaukar abin da ya canja kaɗai ba.

Yadda bin sawu yake aiki

PostgreSQL ba ya taɓa tebur sai ya fara rubuta abin da zai yi a wani littafin tarihi da ake kira WAL, wanda ke taruwa a jakar `pg_wal` cikin fayiloli masu megabait 16 kowanne. Asalin amfaninsa shi ne in wuta ta ɗauke rumbun ya san inda ya tsaya. Tun daga siga ta 9.0, a shekarar 2010, aka ba shi damar miƙa wannan littafin kai tsaye ga wata saba, ita kuma ta riƙa maimaita abin da ke ciki. Sau ɗaya ake kwafe rumbun gaba ɗaya, daga nan sai canje-canje kawai.

```
pg_basebackup -h 10.0.0.1 -U mai_kwafi -D /var/lib/postgresql/16/main -X stream -R -C -S saba_biyu -P
```

Wannan umarni ana ba da shi ne a saba ta biyu, cikin jaka da babu komai, bayan an buɗe wa `mai_kwafi` ƙofa a `pg_hba.conf` na ta farko. Harafin `-R` yana rubuta adireshin sabar farko, ya kuma ajiye wani fayil maras komai mai suna `standby.signal`, wanda ke gaya wa sabar cewa ita mai jiran gado ce. In ka ci karo da tsohon bayani da ke maganar `recovery.conf`, na kafin siga ta 12 ne, an cire shi a 2019. A layinmu na megabit 10, kwafe gigabait 40 ba tare da matsewa ba zai ci kusan awa tara, don haka aikin daren Asabar ne, ko kuma a ɗauko sabar a yi a ofis a mayar da ita.

Daga nan tazarar da ke tsakanin sabobin takan zama ƙasa da daƙiƙa ɗaya in layi yana da kyau. Faifai ya mutu 5:00 na yamma, ka shiga ta biyu ka ce `SELECT pg_promote();`, ka juya manhajar rassa zuwa sabon adireshi, ciniki ya ci gaba. Abin da aka rasa, in an rasa, rasit ɗaya ko biyu ne na ƙarshe da ba su riga sun ƙetara ba. A kan wannan musiba, juyewa ba ta ko kama ƙafar bin sawu.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Kwafin na jikin faifai ne, don haka dole sabobin biyu su kasance a babbar siga ɗaya, 16 da 16, a kan na'urori iri ɗaya. Ba ka zaɓar tebur ko rumbu, komai da ke sabar yake tafiya. Ta biyu karatu kawai ake yi a kanta, ko teburin wucin gadi ba za ka iya ƙirƙira ba. Sannan PostgreSQL ba ya ɗora mai jiran gado da kansa. Ko dai mutum ya yi, ko a kawo wata manhaja irin Patroni ko repmgr, kuma wannan wani aiki ne dabam. Haɗarin da ke wurin shi ne a ɗora ta biyu, sai ta farko ta farfaɗo, reshe ɗaya yana rubutu a nan, biyu suna rubutu a can. Sarki biyu a gari ɗaya. Haɗa waɗannan bayanan daga baya aikin hannu ne, layi bayan layi, don haka ƙa'idar ita ce a tabbata an kashe ta farko kafin a ɗora ta biyu.

Ranar Talata, ƙarfe 11:40

Ga musiba ta biyu. An ce wa wani ma'aikaci ya gyara farashin magani guda ɗaya. Ya rubuta umarnin, ya zaɓi layin farko kawai da linzami, ya danna. Layi na biyu, mai ɗauke da `WHERE`, bai shiga ba.

```
UPDATE kaya SET farashi = 1500;
```

Allon ya amsa masa da `UPDATE 8412`. Kowane kaya a kamfanin, daga farasitamol har allurar da ta fi kowace tsada, ya koma naira 1,500.

Kafin ya ɗaga hannu daga linzamin, saba ta biyu ta riga ta yi daidai abin da ya yi. Ba ta yi laifi ba, aikinta ke nan. Ba ta san bambancin gyara da ɓarna ba, duk rubutu ne a WAL. Haka za ta bi `DROP TABLE`, haka za ta bi sabuwar manhajar da ke rubuta shirme, haka za ta bi ɓarawon da ya sami kalmar sirri ya share komai. Yanzu kamfanin yana da kwafi biyu na farashin ƙarya.

Mai fayil ɗin daren jiya kuwa hankalinsa kwance. In ya riga ya mayar da shi a saba ta biyu, teburin `kaya` na nan da farashinsa na ƙarfe 1:00. In ma bai mayar ba, ba sai ya jira awa ɗaya da rabi ba, zai iya ciro teburin shi kaɗai zuwa wani rumbu na gefe:

```
createdb gefe
pg_restore -t kaya -d gefe /ajiya/kanti-2024-03-12.dump
```

Daga can ya kwaso lambar kaya da farashi, ya mayar da su kan na gaskiya, ba tare da ya taɓa cinikin safiyar ba. Abin da ya rage masa shi ne farashin da aka sauya tsakanin 8:00 da 11:40, da rasit ɗin da aka buga a kan 1,500 kafin a farga. Wannan aikin rabin awa ne shi da akanta. Kuma in ba a lura da ɓarnar ba sai bayan kwana goma, wanda ke ajiye fayilolin wata guda yana da inda zai koma. Juyewa tana da jiya da shekaranjiya. Bin sawu yanzu kawai ya sani.

A ganina wannan ne ya fi nauyi a ma'aunin, domin a ƙananan kamfanoni hannun mutum ya fi faifai yawan yin ɓarna. Faifai yakan yi shekaru bai ce komai ba. Mutanen da ke da kalmar sirrin rumbun kuwa kullum suna ciki.

Yadda kowannensu ke mutuwa shiru

Abin da ya faru da GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ranar 31 ga Janairun 2017 ya nuna duka biyun suna faɗuwa a dare ɗaya, kuma kamfanin da kansa ya bayyana labarin dalla-dalla. Nauyi ya yi wa sabarsu ta farko yawa, ta biyu ta faɗi baya har ta farko ta goge fayilolin WAL da take buƙata, bin sawu ya tsinke. Gyaransa shi ne a share jakar bayanan ta biyu a sake `pg_basebackup`. Injiniyan da ke aikin, dare ya yi kuma ya gaji, ya ba da umarnin sharewa a kan ta farko. Kafin ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Aka juya ga fayilolin `pg_dump`, sai aka tarar babu su: wanda ake gudanarwa na siga 9.2 ne, rumbun kuwa 9.6, kuma `pg_dump` ba ya yarda ya juye sabar da ta fi shi sabunta. Kullum yana faɗuwa, saƙonnin imel da ke sanar da faɗuwar kuma ba sa isa. Abin da ya cece su hoton faifai ne da aka ɗauka kusan awa shida kafin nan don wani aikin gwaji, kuma bayanan waɗannan awoyin sun tafi.

Juyewa, ke nan, tana mutuwa ne ba tare da kowa ya ji ba. Umarnin da ya yi aiki a hannunka yakan ƙi yi a `cron`, manhajar da ke gudanar da ayyuka da kanta in lokacinsu ya yi, saboda `cron` ba ya ganin jakunkunan da kake gani, ko ya ɗauko tsohon `pg_dump`, ko kuma fayil ɗin `.pgpass` yana buɗe ga kowa, PostgreSQL ya ƙi karanta shi sai an mayar da izininsa `0600`. Alamar `%` da ke cikin umarnin kwanan wata ma tana karya layi a `crontab` in ba a sa mata `\` a gaba ba. Wanda kuma ya rubuta `pg_dump | gzip`, in `pg_dump` ya faɗi, `gzip` zai gama lafiya ya ba shi ɗan fayil maras komai tare da shaidar nasara. Yadda za a gane duk wannan ɗaya ne: a daina tambayar ko aikin ya gudu, a tambayi kwafin da aka mayar. Kowace safiya wani ɗan umarni ya duba kwanan watan rasit na ƙarshe a saba ta biyu, in ba na jiya ba ne ya yi ƙara. Wannan ita ce falalar mayarwa kowane dare maimakon tara fayiloli kawai: kowane fayil an gwada shi.

Mutuwar bin sawu ta fi ban tsoro, domin tana iya jan sabar farko su tafi tare. A umarnin da ke sama, `-C -S saba_biyu` ya buɗe wani gurbi a sabar farko. Gurbin nan, wanda ya shigo a siga ta 9.4, alkawari ne cewa ba za a goge WAL ba sai ta biyu ta karɓa. In babu shi, layi ya yanke na ɗan lokaci, ta biyu za ta dawo ta tarar an goge abin da take nema, ta riƙa rubuta `requested WAL segment ... has already been removed`, sai an sake gina ta daga tushe. In kuma akwai shi, ta farko za ta yi ta tarawa ba iyaka. A misalinmu, a ce rumbun yana samar da gigabait 5 na WAL a rana, faifan kuma yana da sararin gigabait 60. Batirin inbata ya mutu a reshe, aka kashe saba ta biyu, aka ce sai an sayo wani. Ba wanda ya tuna. Rana ta goma sha biyu faifan sabar farko ya cika, PostgreSQL ya tsaya cak da tsakar ciniki. Na'urar da aka sayo don kariya ita ce ta jawo.

Maganin ya zo a siga ta 13, a 2020, amma a kashe yake sai ka kunna: `max_slot_wal_keep_size`. In ka sa shi `30GB`, ta farko za ta jira kwana shida, sannan ta saki gurbin ta ceci kanta, kai kuma ka sake gina ta biyu. Duk inda wuta da layi ba su da tabbas, kada a kafa gurbi ba tare da wannan ba. Kuma kada a taɓa share fayilolin `pg_wal` da hannu don samun sarari, wannan lalata rumbun ne. Ga abin da za a riƙa dubawa a sabar farko:

```
SELECT slot_name, active, wal_status,
       pg_size_pretty(pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), restart_lsn))
FROM pg_replication_slots;
```

In `active` ya nuna `f`, ba a bin sawu, kuma adadin ƙarshe shi ne bashin da ke taruwa. Wasu suna auna tazara da `now() - pg_last_xact_replay_timestamp()` a saba ta biyu, amma wannan yana yaudara: da dare, lokacin da ba mai rubutu, zai nuna awoyi alhali ba ta baya ko kaɗan.

Wani zai ce, to a sa ta farko ta riƙa jiran amsar ta biyu kafin ta tabbatar da kowane ciniki, don kada a rasa ko rasit ɗaya. Ana iya yi, da `synchronous_standby_names`. Amma da saba biyu kacal, duk lokacin da layin reshe ya yanke, kowane mai karɓar kuɗi zai ga allonsa ya daskare har layin ya dawo. Ba zan ba wa kamfani irin wannan shawarar ba.

In don rahoto ake son kwafin

Sau da yawa ba tsoron musiba ne ya kawo maganar ba, akanta ne ke gudanar da rahoton ƙarshen wata yana nauyaya wa masu ciniki. A nan mutane sukan ruga ga bin sawu, sai su tarar rahoton yana yankewa da `canceling statement due to conflict with recovery`. Dalili shi ne ta farko ta share tsofaffin layukan da rahoton ke karantawa, ta biyu kuma dole ta bi, tana jira daƙiƙa 30 ne kawai kafin ta kori mai karatu. Ana iya ƙara lokacin, sai ta faɗi baya. Ana iya kunna `hot_standby_feedback`, sai teburorin ta farko su riƙa kumbura. In akanta zai gamsu da lissafin jiya, kwafin da aka mayar ya fi masa: ba mai korarsa, yana iya ƙirƙirar teburorinsa, kuma adadin ba ya motsi a ƙarƙashinsa. Haka in kwafin na masu gwajin manhaja ne, ko ana son hawa sabuwar siga, domin fayil ɗin `pg_dump` na 16 yana shiga 17 ba gardama.

Akwai bin sawu iri na biyu tun siga ta 10, a 2017, mai aika layuka maimakon jikin faifai, da `CREATE PUBLICATION` da `CREATE SUBSCRIPTION`. Yana barin ka zaɓi teburori, yana aiki tsakanin siga daban-daban. Amma ba ya aika sauyin fasalin tebur, kuma ko a siga ta 17 ba ya aika ma'aunin da ke ba da lambar rasit ta gaba. Kayan aiki ne na ƙaura da na rarraba bayanai, kuma shi ma yana bin gogewa kamar ɗan'uwansa.

Abin da zan ce wa mai kula da na'urorin

In ɗaya kawai zai iya riƙewa da kyau, ya ɗauki juyewa da mayarwa, ya ajiye fayilolin kwana 30 a wurin da sabar farko ba ta da ikon gogewa. Ita ce ke da amsa ga musibun biyu, ko da amsarta ga ta farko mai tsada ce. Sannan ya koma wurin mai kamfani da adadi a hannu: «Alhaji, in na'ura ta mutu da yamma, cinikin ranar ne za mu sake shigarwa da hannu. Za ka iya ɗauka?» In ya ce akwai kwafin rasit na takarda, rana ɗaya ba komai, an gama magana. In ya ce a'a, to a ƙara bin sawu a kai, ba a maye gurbi da shi ba. A wannan tsarin saba ta biyu ta zama mai jiran gado, `pg_dump` ɗin dare ma a kanta za a riƙa gudanarwa don a sauke wa ta farko nauyi, bayan an ƙara `max_standby_streaming_delay` ya wuce minti 25 ɗin, in ba haka ba shi ma za a kore shi. Gwajin mayarwa kuma ya koma wata na'ura ta uku, ko da ƙarama ce, tunda mai jiran gado ba ta karɓar rubutu.

Akwai matakai biyu a tsakiya da ya kamata ya sani. Ana iya sa mai jiran gado ta riƙa bi da jinkiri da gangan, da `recovery_min_apply_delay = '4h'`: tana karɓar WAL nan take amma ba ta aiwatarwa sai bayan awa huɗu. A ranar Talatar nan, in an farga ƙarfe 12:10, sai a tsayar da ita da `pg_wal_replay_pause()` a kwashi farashin da ba a taɓa ba. Ɓarnar daren Juma'a da aka gano ranar Litinin kuwa ta riga ta wuce. Ɗayan shi ne adana fayilolin WAL ɗin kansu tare da kwafin tushe, da manhaja irin pgBackRest ko Barman, wanda ke ba ka damar cewa a mayar da rumbun yadda yake 11:39 daidai. Ranar da juyewa da mayarwa suka daina shiga cikin dare ɗaya, wato aka buɗe kanti 8:00 `pg_restore` yana kan gina fihirisa, can zai koma.